Danna ɗaya na yi, fari ya tafi da da'irar logo: Tolerance nawa zan sa?

Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya ɗaure. An turo min wani logo a JPG, bayansa fari fat, ana so in cire farin a ɗora shi a kan baƙar riga da kuma fosta mai duhu. Logon jan tauraro ne a cikin farin da'ira, an zagaye da'irar da siririn zobe mai ruwan toka mai haske, sai rubutu shuɗi mai duhu a ƙasa. Na ɗauki Magic Eraser a Photoshop na danna farin sau ɗaya. Bayan ya tafi kam, amma ya haɗa da farin cikin da'irar da zoben gaba ɗaya, tauraron ya rage shi kaɗai a sarari. Kuma ramukan cikin haruffa, irin na A da O da D, suna nan da farinsu. Wato wanda nake so ya tafi ya zauna, wanda nake so ya zauna ya tafi. Ban taɓa komai a saitin ba, Tolerance na kan 32.

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Cire alamar da ke kan Contiguous ki kai Tolerance 60 ko 70, danna ɗaya zai share komai har ramukan haruffan. Haka nake yi kullum.

Rabi: Na gwada yanzu. Ramukan sun fita, amma da'irar ba ta dawo ba, kuma rubutun ya sirance kamar ɓera ya gwaguye gefensa.

Ɗanlami: Af, ban lura kina son farin da'irar ba. To rage zuwa 5.

Rabi: A 5 kuma, da Contiguous a kunne, da'irar ta tsira, amma da na ɗora a kan baƙi sai ga ɗigo-ɗigon fari zagaye da rubutun kamar an watsa gishiri.

Malam Habu: Ƙanwata, dakata da canza lamba haka kawai, za ki wuni kina hawa kina sauka. Matsala uku ce a hannunki kika haɗa su wuri ɗaya, kuma kowacce da maganinta. Mu fara da ta zoben. Buɗe Info da F8, ki ɗauki Eyedropper ki bi wurare uku ki faɗa min lambobin R, G, B: can kusurwar hoton inda babu komai, sai farin da ke dab da rubutun inda ɗigon nan suka fito, sai tsakiyar zoben tokar. Ki zuƙo hoton sosai tukuna, har ki riƙa ganin fiksel ɗaya-ɗaya.

Rabi: To Malam. Kusurwa 255, 255, 255. Kusa da rubutun yana yawo, na ga 252, na ga 247, mafi ƙasa da na samu 241. Zoben kuma 228 duka ukun.

Malam Habu: Madalla, amsar ta fito da kanta. Idan kika danna wuri, manhajar tana ɗaukar lambar fiksel ɗin da kika taɓa, sai ta yarda da duk wanda bai yi nesa da shi fiye da Tolerance ba. Kin danna 255 da 32, ke nan duk abin da ya kai 223 zuwa sama fari ne a wurinta. Zobenki 228 ne, ya faɗa ciki. Contiguous bai yi laifi ba, aikinsa ya yi: kamar ruwa ne aka zuba daga inda kika danna, yana malala daga fiksel zuwa maƙwabcinsa har sai ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa. Zoben ne ya kamata ya zama madatsa, amma da 32 shi ma ruwa ne, sai malalar ta bi ta kansa ta shige cikin da'irar. Ramukan haruffa kuwa shuɗi mai duhu ne ya kewaye su, ruwan bai samu ƙofa ba, shi ya sa suka tsira.

Da kika koma 5, iyakar ta zama 250. Zoben ya tsaya, amma dattin JPG da ke tsakanin 241 da 249 shi ma ya tsaya. Wannan dattin ba laifinki ba ne, haka JPG yake matse hoto gida-gida na fiksel 8 sau 8, kuma duk gidan da kala mai duhu ta haɗu da fari sai ya bar ƙura a kan farin. Ido ba ya ganinta a kan fari, sai an ɗora a kan baƙi.

Saboda haka lambarki tana tsakanin biyu: dole ta kai 14 don ta kwashe 241, kuma kada ta kai 27 don kada ta taɓa 228. Mayar da alamar Contiguous ki gwada a nan tsakani.

Auwal: Ni ma irin matsalar nan ce da ni. Na cire bayan hoto tsaf, ina ganin ɗakunan dara fari da toka, amma da na ajiye na tura sai farin ya dawo. Tolerance ɗin ne bai isa ba?

Zulai: Auwal, taka daban ce. Da wane irin fayil ka ajiye?

Auwal: JPG.

Zulai: Shi ke nan. JPG ba ya riƙe wurin da babu kala, sai ya cike maka da fari. Ajiye da PNG.

Auwal: Kai! Kwana biyu ina fama. Na gode Anti.

Rabi: Malam, na sa 25, tunda ƙasa da 27 ne. Ƙurar ta tafi, yawancin zoben yana nan, amma farin cikin da'irar ya sake tafiya. Ko lissafin bai yi ba ne?

Malam Habu: Lissafin ya yi, awon ne bai cika ba, kuma ni ne ban ce ki zagaya zoben duka ba. Madatsa ba a auna ta da inda ta fi kauri. Idan akwai fiksel ɗaya tak a zoben da ya fi sauran haske, ta nan ruwan zai ɓulla, kuma da zarar ya shiga sai ya cika da'irar gaba ɗaya. Ki danna Ctrl+Z. Ki ajiye Magic Eraser ki ɗauki Magic Wand, saitinsu ɗaya ne, amma shi yana nuna miki layin tururuwa kafin a goge komai. Danna da 25 ɗin nan, sai ki bi zoben da ido. Inda kika ga tururuwar waje ta haɗe da ta ciki, nan ne ƙofar.

Rabi: Na gani! Ta sama wajen dama, inda zoben ya lanƙwasa, ya sirance ya koma kamar fiksel ɗaya. Na auna, 234 ne.

Malam Habu: To kin ga ɓarawon. Da 25 iyakarki 230 ce, 234 ya wuce. Yanzu tagarki ta ƙuntata: daga 14 zuwa 20. Ni 17 zan sa, in bar ɗan fili ta kowane gefe. Kuma ki danna can kusurwa inda kika tabbata 255 ne. Wannan yana da muhimmanci, don idan Sample Size yana kan Point Sample, fiksel ɗayan da kika taɓa shi ne ma'auni. Ki ce hannunki ya faɗa kan 248 kusa da rubutu, to 17 ɗin nan zai sauka har 231, zoben ya sake ɓallewa, alhali ba ki canza komai a saiti ba. Yawancin masu cewa jiya ya yi yau ya ƙi, wurin dannawa ne ya bambanta.

Ɗanlami: Amma Malam, ni a sanina ba da fiksel na farko yake gwadawa ba. Kowane fiksel yana gwada kansa da na kusa da shi ne, shi ya sa ake cewa Contiguous. In ba haka ba me ya sa yake bin hanya?

Malam Habu: Rabin maganarka gaskiya ce. Hanyar da yake bi ta maƙwabta ce, amma ma'aunin na farkon ne. Gwada ka gani: yi Gradient daga fari zuwa baƙi ka danna tsakiya da 32. Kowane fiksel bambancinsa da maƙwabcinsa bai wuce 1 ba, da haka yake aiki da ya cinye hoton daga bango zuwa bango. Amma za ka ga ya zaɓi ɗan zirin tsakiya ya tsaya.

Nura: Abin da Ɗanlami ya faɗa akwai shi, sai dai ba a Magic Wand ba. A OpenCV, `floodFill` yana gwada fiksel da maƙwabcinsa ne in ba ka sa masa `FLOODFILL_FIXED_RANGE` ba. Na taɓa mantawa da shi a kan hoto mai inuwa a hankali, ya bi inuwar ya shige cikin kayan ya cinye rabi.

Ɗanlami: To ka gani, ba daga iska na ɗauko ba.

Malam Habu: Ban ce daga iska ba ne. Na ce ba a inda Rabi take ba.

Rabi: Alhamdu lillahi, 17 ya yi. Zobe na nan, da'ira na nan, ƙura ta tafi. Saura ramukan haruffa. Rubutun layi biyu ne, na ƙirga ramuka goma sha ɗaya.

Malam Habu: Riƙe Shift ki danna cikin kowane rami, da Contiguous a kunne. Goma sha ɗaya ba yawa. Ki zuƙo sosai don hannunki ya faɗa tsakiyar ramin, kada ya taɓa gefen harafi.

Zulai: Malam, a nan kam ban bi ka ba. Danna goma sha ɗaya, kuma a ƙananan ramuka irin na e da a babu ma 255 a ciki, duk ƙura ce. Kowane danna da nasa ma'aunin, sai ka ga wani rami ya fita fes wani ya bar baki. Ni juya abin nake yi. In cire alamar Contiguous, in danna kusurwa sau ɗaya da 17, ya ɗauki duk fari na hoton da ma'auni guda. Sai in ɗauki Elliptical Marquee, in riƙe Alt, in ja a kan da'irar in cire ta daga zaɓin. Aiki biyu ke nan maimakon sha biyu. Tambayar da nake yi wa kaina kawai ita ce wanne ya fi yawa, farin da zan ajiye ko farin da ke ɓoye da zan cire. A logon Rabi na ajiyewa ɗaya ne tak.

Malam Habu: Hajiya Zulai, hanyarki ta fi sauri, ban musa ba. Abin da nake tsoro shi ne farin da ba a lura da shi ba. Ƙyalli a kan harafi, ɗan haske a ƙahon tauraro, siririn farin layi tsakanin kala biyu. In aka kashe Contiguous duk sai su huje, kuma a kan ɗakunan dara ba a ganin ƙaramin huji. Sai an buga a kan baƙar riga mai aiki ya kira ka. Da Shift kuwa, abin da na danna da hannuna kaɗai ke tafiya.

Zulai: Ai shi ya sa ake dubawa kafin a tura. Kai ma da Shift za ka iya manta rami ɗaya, shi ma sai an buga a gani.

Malam Habu: Farin rami da aka manta yana ihu a kan baƙi. Huji a cikin ja kuwa shiru yake yi.

Zulai: Ni dai na fi shekara nawa ina yi haka ban ga huji ya kai ga mai aiki ba.

Baba Iro: Ku biyun duk kuna da hujja, ni dai abin da nake roƙo a matsayin wanda fayil ɗin ke ƙarewa a hannunsa wajen bugawa: kowace hanya kuka bi, ku sa leya a ƙasa ku cika ta da kala mai tsawa kafin ku ce kun gama. Baƙi tukuna, sannan kore ko shuɗi mai ƙarfi, wanda babu shi a logon. Akwai kuma wata dabara da na daɗe ina yi: bayan an goge, a sa wa leyar Stroke na fiksel 3, Position a kan Outside. Duk ɗigon da ya rage, ko ɗaya ne da ido ba ya gani, sai ya kumbura ya zama ƙwallo. Huji ma haka, za ka ga kala ta fito a inda bai kamata ba. In an share sai a cire Stroke ɗin. Injin yankan sitika ba ya yafe ɗigo, zai je ya yanka shi.

Rabi: Baba, na gwada Stroke ɗin, ɗigo huɗu suka fito a ƙarƙashin rubutun, na goge su da Eraser. Na bi hanyar Anti Zulai wajen ramukan, Malam ka yi haƙuri. Amma ga ta ukun da ka ce. A kan baƙi, kowane harafi yana da siririn farin baki zagaye da shi, kamar an zana masa layi da alli. Ba ɗigo ba ne, layi ne mai bin siffar harafin.

Ɗanlami: Wannan kam Tolerance ne. Na faɗa tun farko, sai an ɗaga.

Malam Habu: Ɗanlami, bari mu lissafa ka ga inda za a kai. Rabi, shuɗin rubutun nawa ne?

Rabi: 20, 40, 90.

Malam Habu: To. Gefen harafi ba ya tashi daga shuɗi ya faɗa fari kai tsaye. Wanda ya yi logon, manhajarsa ta sassauta gefen da fiksel ɗaya ko biyu masu gauraye don kada ya yi kama da matakala. Fiksel da rabinsa shuɗi rabinsa fari zai zama wajen 138, 148, 173. A kan fari yana sajewa. A kan baƙi shi ne allin da kike gani, don farin yana cikin jikinsa, an riga an dama su tare. Tsakanin 255 da 138 akwai 117. Ke nan sai Tolerance ya haura ɗari kafin ya cinye shi, kuma kafin nan zobe ya daɗe da tafiya, gefen ya zama zarto. Abin da Rabi ta gani ke nan da ta ce ɓera ya gwaguyi rubutun, a 70 ma kawai. Tolerance yana amsa tambaya ɗaya ce, wannan fiksel ya tafi ko ya zauna. Fiksel ɗin gefe kuwa amsarsa ita ce rabi, kuma babu lambar da za ta ba da wannan amsar.

Ɗanlami: To Anti-alias fa? Ai aikinsa ke nan.

Malam Habu: Yana sassauta bakin zaɓin, a bar shi a kunne. Amma bai cire farin da ke cikin fiksel ɗin ba, ya dai rage masa ƙarfi kaɗan.

Rabi, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗan ci cikin harafin. Sai dai ki kula, zobenki fiksel ɗaya ne zuwa biyu, in kika faɗaɗa zaɓin duka zai tafi. Ki yi shi hawa biyu. Kin riga kin goge na farko. Koma kan zaɓin da Select > Reselect, ki je Select > Modify > Expand ki sa 1. Sai ki riƙe Alt ki ja Rectangular Marquee a kan duk ɓangaren da'irar har da zoben, ya fita daga zaɓin. Abin da ya rage shi ne kewayen rubutu kawai. Danna Delete. Haruffan za su rame da fiksel ɗaya ta kowane gefe. Faɗin hoton nawa ne?

Rabi: 1200.

Malam Habu: Manyan haruffan ba za su ji ba. Layi na biyun in ƙanana ne, duba su da kyau. In sandar harafi fiksel huɗu ce, cire ɗaya ta nan ɗaya ta can ya bar biyu, rabi ya tafi. A irin wannan gara Layer > Matting > Defringe da 1. Shi ba ya yanke komai, yana ɗauko kalar da ke cikin harafin ne ya shafa wa fiksel ɗin gefe.

Zulai: Ko kuma ta kai rubutun GIMP. Abin da Malam ya ce babu lambar da ke ba da rabi gaskiya ne, amma Colors > Color to Alpha yana yin daidai wannan. Ba ya tambayar tafi ko zauna, yana zare farin ne daga cikin kowane fiksel gwargwadon yawansa, sai na gefen ya koma shuɗi mai shara-shara. A kan baƙi gefen yana fita sumul. Sharaɗi biyu ne. Ki zagaye rubutun kaɗai da zaɓi kafin ki yi, in ba haka ba da'irarki za ta ɓace, zoben ya zama hayaƙi. Na biyu, shi kansa shuɗin zai ɗan zama shara-shara, don 20 ba 0 ba ne, a ganinsa akwai ɗan fari a ciki. Ana ja Opacity threshold ƙasa kaɗan har jikin harafin ya cika.

Kuma wanda zai yi duk aikin a GIMP, babu akwatin Contiguous a can, kayan aiki biyu ne. Fuzzy Select shi ne mai malala, Select by Color shi ne mai ɗaukar kala ko'ina take. Lambar kuma Threshold sunanta, tana farawa a 15. Kada a manta Layer > Transparency > Add Alpha Channel, in ba haka ba Delete zai cike wurin da kala ne kawai.

Sadiya: Ni na rikice. Kuna ta cewa 17, ni na sa 17 kusan babu abin da ya zaɓa kusa da gefe, nawa kuma a 50 yake farawa ba 32 ba.

Nura: Paint.NET kike amfani da shi ko?

Sadiya: Eh.

Nura: Nasa kashi cikin ɗari ne, ba daga 0 zuwa 255 ba, kuma hawansa ba ɗaya ba ne da na Photoshop. Kada ki kwashi lamba daga wata manhaja ki kai wata. Ki ja shi a hankali kina kallon zaɓin. Contiguous ɗin yana ƙarƙashin Flood Mode, kishiyarsa Global.

Tunda an zo nan, ga wanda fayil ɗinsa ke da yawa, ImageMagick yana da duka biyun. Mai malala daga kusurwa:

```
magick in.jpg -alpha set -bordercolor white -border 1 -fuzz 7% -fill none -floodfill +0+0 white -shave 1x1 out.png
```

Mai ɗaukar fari ko'ina:

```
magick in.jpg -fuzz 7% -transparent white out.png
```

Wannan `-border 1` da na sa ba ado ba ne. In zanen ya taɓa bakin hoton ya raba bayan gida biyu, malalar ba za ta tsallaka ba. Farin layin fiksel ɗaya da aka zagaya shi ne ke haɗa su, sai `-shave` ya cire shi a ƙarshe. Farin bakin nan na gefen haruffa kuwa yana nan, wannan bai magance shi ba.

Sadiya: Na gode Yaya. Amma nawa ba logo ba ne, kwalba ce na ɗauka a kan shuɗiyar takarda. Kala ɗaya ce takardar, amma in na danna sama sai ya ɗauki rabi ya bar ƙasa.

Malam Habu: Takardar kala ɗaya ce, hoton ba kala ɗaya ba ne. Haske ya fi bugun sama. Da a Photoshop ne, a ce shuɗin 240 ne a sama 200 a ƙasa, in kin danna sama sai kin sa 40 kafin ya kai ƙasa. In kin danna tsakiya inda yake 220, 20 ya isa, don Tolerance yana tafiya sama da ƙasa ne daga inda aka taɓa. A kan fari 255 ba ma lura da haka tunda babu sama. Ki danna tsakiyar hasken, ko ki yi danna biyu ko uku da ƙaramar lamba kina ƙarawa a kan zaɓin. Ƙananan danna uku sun fi babba ɗaya aminci.

Sadiya: Inuwar da ke gindin kwalbar fa? Tana barin wani baƙin tabo mai kaifin baki.

Malam Habu: Nan kam an fita daga aikin danna ɗaya. Inuwa tana narkewa ne a hankali, duk lambar da kika sa a wani wuri za ta yanke ta. Ni Pen Tool nake ɗauka in zagaye gindin, in zubar da inuwar, in yi sabuwa in ana so.

Zulai: Ni kuma ba na zubar da inuwa ta gaskiya, ta fi ta roba kyau. Ina raba ta a leya daban.

Baba Iro: A kan shuɗiyar takarda? Inuwar ma shuɗiya ce, Hajiya. Ɗora ta a kan ja ki gani.

Zulai: Sai a cire mata kala a sa Multiply. Amma wannan wata maganar ce, Sadiya ki buɗe mata nata zaren.

Rabi: Na dawo. Layin sama na yi masa Expand 1, ya fita fes. Layin ƙasa sandunansa fiksel uku ne, sai na yanke shi zuwa leyarsa na yi Defringe, ya yi kyau sai dai harafin s guda biyu da suka ɗan yi kauri a lanƙwasa. Na sa baƙi da kore a ƙasa, babu alli. Tambaya ta ƙarshe Malam: da a ce ƙurar ta sauka har 232, ƙofar zoben kuma 234, babu taga ke nan. Me zan yi?

Malam Habu: Sai ki toshe ƙofar da hannu. Sabuwar leya a sama, ki ɗauki Pencil baƙi ki ja ɗan layi a kan wurin da ya sirance. Kunna Sample All Layers, ki danna da lambar da za ta kwashe ƙurar, muddin ba ta kai 27 ba. Malalar za ta ga baƙin layin ta tsaya. Sai ki jefar da leyar, ki gyara ɗan wurin da Lasso. Kuma gaba, maimakon Delete, riƙe Alt ki danna Add layer mask, zai ɓoye abin da kika zaɓa ba tare da ya goge ba. In zobe ya ɓalle sai ki dawo da shi da farin burushi.

Baba Iro: 'Yata, kafin ki tura: riga za a buga, faɗin 1200 kuma a 300 ga kowane inci bai wuce inci huɗu ba. In a ƙirji ne ƙarami ya isa. In bayan riga ne, ki tambaye su ko suna da asalin fayil ɗin, AI ko SVG ko PDF.

Rabi: Na tambaya tun farko Baba, suka ce wanda ya zana musu ya tafi da shi, wannan ma daga tsohuwar takardar wasiƙarsu suka ciro. Na aljihun gaba ne, inci uku. Fostar ce ban san girmanta ba tukuna, bari in kira su.

Ɗanlami: In ta wuce A4 ki sake buga rubutun da kanki kawai. Turo hoton in gani ko zan gane font ɗin.